Gaisuwa Gwargwadon Saƙo: Daidaita Muryar Wasiƙar Ofis ta Ingilishi da Gaisuwar Hausa a Fassarar Takardar Tuhuma

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da mai fassara ke yi da mabuɗin wasiƙa da rufinta idan aka ba shi takardar ofis ta Ingilishi ya mayar da ita Hausa. Wasiƙar ofis ta Ingilishi ba ta gaisuwa, kuma mai karanta ta ba ya jin an raina shi. Bahaushe kuwa in takarda ta zo masa ba gaisuwa, yakan ɗauka da fushi aka rubuto ta, in kuma gaisuwar ta yi yawa sai ya ɗauka abin da ke ciki ba mai nauyi ba ne. Maƙalar ta ɗauki takarda guda, wato takardar tuhuma da wani kamfani ya ba direbansa, ta bi ta layi-layi. Matsayinta shi ne mai fassara yana da damar ƙara gaisuwa a mabuɗi da rufi gwargwadon nauyin saƙon, amma cikin takardar, inda laifi da wa'adi da hukunci suke, ba wurin tausasawa ba ne.

Gabatarwa



Ingilishi shi ne harshen fayil a ma'aikatun gwamnati da kamfanonin ƙasar nan, amma a arewa yawancin masu gadi da direbobi da masinjoji da leburori da masu shara da Hausa suke rayuwa, da ita kuma ake ba su umarni a bakin aiki. Idan magana ta kai ga rubutu, kamar gargaɗi ko canjin wurin aiki ko ƙarin girma ko sallama, sai a rubuta da Ingilishi, sannan a nemi wani a ofis wanda aka san ya iya Hausa a ce ya juya ta. Sau da yawa wannan mutumin bai taɓa zama ajin fassara ba. Kalmomin cikin takardar ba su cika ba shi wahala ba, domin albashi albashi ne, hutu hutu ne. Inda yake tsayawa yana cizon biro shi ne layin farko: yaya zai kira mutumin, kuma zai gaishe shi ko ba zai gaishe shi ba?

Ana ɗaukar wannan tambaya ƙaramar aba, ana barin ta ga ɗabi'ar mai fassara. Mai sakin fuska ya cika takardar da gaisuwa, mai ɗaure fuska ya bar ta tsirara. Ni ina ganin tambayar tana da amsa da za a iya koyarwa, domin layin farkon nan shi ne ke gaya wa mai karatu da wane kunne zai saurari sauran.

Eugene Nida, a aikinsa na 1964, ya bambanta fassarar da ke bin siffar matani da wadda ke neman mai karatun fassara ya ji abin da mai karatun asali ya ji. Ma'aunin nan na biyu shi ne na wannan maƙala, sai dai da sharaɗi. Takardar ofis tana shiga fayil, kuma wata rana ana iya zaro ta a gaban kwamitin ladabtarwa ko kotun ma'aikata. Saboda haka neman tasiri iri ɗaya ba zai zama lasisin sauya abin da aka ce ba.

Rashin gaisuwa ma magana ce

Wasiƙar ofis ta Ingilishi tana buɗewa da "Dear Sir" ko "Dear Madam", ta sa kan magana, ta shiga zance kai tsaye, ta rufe da "Yours faithfully". Wanda ya saba da ita ba ya jin zafi ko sanyi a waɗannan kalmomi. Da su ake ba mutum ƙarin girma, da su ake korar sa. Muryar tsaka-tsaki ce, ba ta nuna fuskar mai rubutu, kuma wannan ɓoye fuska shi ne ladabinta: ofis ne ke magana, mutumin da ya sa hannu ɗan aike ne.

Wasiƙar Hausa ta taso daga wani tushe dabam. Wasiƙun da sarakuna da waziran Daular Sakkwato suka riƙa aika wa juna da Larabci sukan fara da sunan mai aikawa da wanda aka aika wa, a yi sallama da addu'a, sannan a ce bayan haka, a shiga magana. Mai son ganin wannan tsari zai same shi a wasiƙun da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927. Da boko ya zo, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, tsarin bai mutu ba, sai ya sauya riga. Har yau "bayan gaisuwa mai yawa" da "dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne" da "haza wassalam" suna bakin duk wanda ya taɓa rubuta wasiƙa gida. Kalmar "bayan" ɗin nan tana nuna cewa Bahaushe ya san gaisuwa ƙofa ce, magana tana ciki, kuma ba a shiga sai ta ƙofar.

Haka abin yake a baki. Manajan da ya zo wucewa ta bakin ƙofa ya ce wa maigadi "sannu da aiki, Baba" bai faɗi wani labari ba. Amma ranar da ya wuce bai ce komai ba, maigadin zai wuni yana tunanin abin da ya yi. Abin da nake son a riƙe ke nan: a Hausa ba a samun muryar tsaka-tsaki ta hanyar cire gaisuwa. Wanda ya cire ta gaba ɗaya ya sauka ƙasa da tsaka-tsaki, ya shiga muryar fushi ko raini. Daidai da "Dear Sir" a ma'aunin ji shi ne laƙabin da ya dace da mutum tare da gaisuwa ta layi ɗaya.

Penelope Brown da Stephen Levinson, a littafinsu na 1987 kan ladabin magana, sun ce yawan ladabin da mai magana ke yi ya danganta da abubuwa uku: nisan da ke tsakaninsa da mai sauraro, da ikon da ɗaya ke da shi a kan ɗaya, da nauyin abin da ake nema. Ma'aunin yana aiki a nan, amma a ƙasar Hausa iko ya rabu biyu, akwai na muƙami akwai na shekaru, kuma a ofis sukan ci karo. Jami'in mulki ɗan shekara talatin da 'yan kai yana iya rubuta wa direban da ya haife shi takardar tuhuma. Ingilishi bai damu da wannan ba. Hausa ba ta iya kau da kai daga gare shi, domin tun daga kiran suna sai an zaɓi gefe.

Takardar da za mu duba

Takardar ta fito daga wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano, na cire sunaye da kwanan wata. Wanda aka rubuta wa direban babbar mota ne, dattijo, ya daɗe a kamfanin, ya yi aikin hajji, kowa a harabar Baba yake ce masa. Wanda ya sa hannu jami'in kula da ma'aikata ne, a madadin manaja. Abin da takardar ta ƙunsa huɗu ne. An lura bai zo aiki ba daga Litinin zuwa Laraba ba tare da izini ba. Hakan ya saɓa wa ƙa'idar aiki. Ana so ya yi bayani a rubuce cikin awa 48 kan dalilin da zai hana a ɗauki matakin ladabtarwa a kansa. In bai yi ba, hukumar kamfanin za ta ɗauki mataki ba tare da sake tuntuɓar sa ba. Ta buɗe da "Dear Sir", jimlar farko ta fara da "I am directed to", akwai "kindly" kafin umarnin yin bayani, ta rufe da "Yours faithfully".

Akwai abu ɗaya game da irin wannan takarda da masu nazari ba su cika lura da shi ba, alhali shi ne ke sauya lissafi. Sau da yawa wanda aka rubuta wa ba shi ke karantawa ba. Zai ninke ta ya sa a aljihu, in ya koma gida ɗansa ɗan sakandare ya karanta masa, ko abokin aiki ya karanta masa a gindin mota wasu suna ji. Wato takardar Hausa takan koma magana, a bakin abokin aikinsa ko wanda ya haifa, kuma a gaban shaidu. Duk kaushin da ke cikinta zai ninku, haka kuma duk wani sassauci da mai fassara ya ƙara zai zama abin da mutane da yawa suka ji da kunnensu.

Hanyoyi biyu da ke ɓata ta

Hanya ta farko ita ce bin Ingilishi sau da ƙafa. Mai fassara ya rubuta sunan direban tsurarsa, ba Malam ba Alhaji, ya tsallake gaisuwa tunda babu ita a asali, ya ce: "An lura ba ka zo aiki ba daga Litinin zuwa Laraba. Ka yi bayani cikin awa 48." Kowace kalma daidai take, in an auna da ƙamus. Amma a ji ta a bakin yaro yana karanta wa mahaifinsa. Dattijon zai ji an kira shi da gatsal, an ba shi umarni irin wanda ake ba ɗan aike. Takardar tuhuma tambaya ce, dama ce da ake ba ma'aikaci ya kare kansa kafin hukunci. Wannan fassara ta mayar da ita hukuncin kansa. Illar da ke biyo baya a aikace take: mutumin da ya ji an ci mutuncinsa yakan ƙi amsawa, ko ya tafi wurin manaja da ƙorafin raini, maganar kwana ukun ta bi ruwa, wa'adi ya wuce. Wasu kuma, don kada su bar gurbin "Dear" fanko, sukan sa "masoyi" ko "ƙaunatacce", abin da ke sa a yi dariya a inda ba a so.

Hanya ta biyu ta fi yawa, kuma ta fi haɗari domin da kyakkyawar niyya ake yin ta. Mai fassara ya san Baba, yana jin nauyinsa, sai ya rubuta masa irin wasiƙar da zai rubuta wa kawunsa: "Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, yaya iyali, yaya gajiya, yaya muka ji da aiki? Allah ya sa haka amin. Dama an ga kwana biyu ba ka samu shigowa ba, shi ne aka ce don Allah in ka samu dama ka ɗan yi bayani nan da jibi in Allah ya yarda."

A duba ɓarnar da ke cikin wannan ɗan sakin layi. "Kwana biyu" a bakin Bahaushe ba adadi ba ne, ɗan lokaci ne kawai, don haka kwana ukun da aka ƙidaya sun ɓace. "Ba ka samu shigowa ba" ta riga ta ba shi uzuri kafin ya kawo, ta kuma haɗiye maganar rashin izini, wadda ita ce laifin. "Don Allah" roƙo ne, wanda ake roƙo kuwa yana da zaɓi, alhali "kindly" a takardar tuhuma umarni ne da aka sa wa hula. "In ka samu dama" ta soke wa'adi. "In Allah ya yarda" kalma ce da ba mai imani da zai ƙi ta, amma idan aka jingina ta da wa'adin da mutum ne zai cika, kunnen Bahaushe yakan ji cewa akwai sarari. Sai kuma gargaɗin ƙarshe, wanda irin wannan mai fassara kan ji kunyar rubutawa bayan ya gama tambayar iyali, sai ya bar shi ko ya lulluɓe shi.

Baba zai ji wannan takarda ya ce yaron nan yana da ladabi, ya ajiye ta, ya ce in sun haɗu da manaja a masallaci zai yi masa bayani. Ranar da wa'adi ya cika, fayil ɗin Ingilishi zai nuna an tuhume shi bai amsa ba. Tausayin mai fassara ne ya jawo masa, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk lamarin, domin wanda aka so a kare shi ne ke biyan kuɗin.

Fassarar da na tsaya a kai

Ga yadda nake ganin ya kamata takardar ta fito:

"Zuwa ga Alhaji Wane, Direba, Sashen Sufuri.

TAKARDAR TUHUMA: RASHIN ZUWA AIKI BA TARE DA IZINI BA

Bayan gaisuwa, an umarce ni in sanar da kai cewa hukumar kamfani ta lura ba ka zo aiki ba kwana uku, daga ranar Litinin zuwa ranar Laraba, ba tare da izini ba. Wannan ya saɓa wa ƙa'idar aiki.

Saboda haka ana buƙatar ka kawo bayani a rubuce cikin awa 48 daga lokacin da ka karɓi wannan takarda, kan dalilin da zai hana a ɗauki matakin ladabtarwa a kanka. Idan wa'adin ya cika ba ka kawo bayani ba, hukuma za ta ɗauki mataki ba tare da ta sake tuntuɓar ka ba.

Ka huta lafiya.

Jami'in Kula da Ma'aikata, a madadin Manaja."

Bari mu bi ta daga sama. Laƙabi shi ne wurin da aka biya haƙƙin shekaru. Wanda ya yi hajji kuma an san shi da Alhaji, cire masa laƙabin a takarda magana ce, don haka aka bar masa. Da ba Alhaji ba ne, Malam ya wadatar, mace kuma Malama ko Hajiya. Ban sa "Baba" ba duk da cewa haka ake kiran sa a haraba, domin Baba kalmar zumunci ce, tana sa mai rubutu a matsayin ɗa, ɗa kuwa ba ya tuhumar uba. Ban kuma sa "Ranka ya daɗe" ko "Yallaɓai" ba, ko da yake su ne masu fassara ke saurin kawowa a gurbin "Sir". Waɗannan kalmomi sama suke tafiya, daga na ƙasa zuwa na gaba da shi. Ingilishi yana aika "Sir" sama da ƙasa ba bambanci. In Hausa ta ce wa wanda ake tuhuma ranka ya daɗe, ko dai a ji kamar ba'a, ko a rasa wane ne ke da iko a takardar. Wurinsu yana cikin amsar da direban zai rubuto wa manaja.

Kan magana ya zo kafin gaisuwa, da manyan baƙaƙe, kuma da gangan ne. Mai sauraro ya ji kalmar tuhuma tun kafin a gaishe shi, don haka gaisuwar ba za ta yaudare shi ba.

Gaisuwar kalma biyu ce: "Bayan gaisuwa". Ba a ce mai yawa ba, ba a tambayi iyali ba, ba a yi fatan alheri ba. Ta isa ta nuna ba a yanke alaƙa ba, ba ta kai ta sa mutum ya miƙe ƙafa ba. Tana da wani amfanin kuma. Ma'aikatan da ke jin Hausa ba duka Musulmi ba ne, musamman a Kudancin Kaduna da Filato da sassan Bauchi da Gombe da Adamawa. Da yawa daga cikinsu suna yin sallama a bakinsu ba tare da damuwa ba, amma takardar da ke magana da sunan kamfani ko gwamnati gara ta tsaya a kan gaisuwar da ta game kowa, sai fa in ofishin da kansa ya saba buɗe takardunsa da sallama.

"An umarce ni" ita ce ta ɗauki nauyin da ya fi kowane. A Ingilishi tsohuwar al'adar aikin gwamnati ce da mutane ke karantawa ba su lura ba. A Hausa kuwa tana warware rikicin muƙami da shekaru: yaron yana gaya wa dattijon cewa aiko shi aka yi, kuma kowa ya san ba a fushi da ɗan aike. Hausa tana da kayan aikin wannan a nahawunta, wato wakilin suna na ɓoye mai aiki, "an" da "ana" da "a". "Ana buƙatar ka kawo" umarni ne cikakke, amma bai fito daga bakin mutum ɗaya ba. Shi ya sa na fifita shi a kan "ka kawo", wadda ta yi tsirara, da kuma "don Allah ka kawo", wadda ta yi laushi. Amma a lura cewa a wuri biyu na fito da mai aikin fili na ce "hukuma", wato wajen lura da laifi da wajen ɗaukar mataki. In aka bar komai a kan "an" da "za a", mai sauraro zai iya tambaya, wa ya ce?

Sai maganar "ka" da "ku". Ingilishi yana da "you" guda ɗaya, Hausa kuwa dole ta zaɓi namiji ko mace ko jam'i, don haka wajibi ne mai fassara ya tambaya in bai san wanda ake rubuta wa ba, tunda sunaye irin su Amana da Nasara ba sa nuna jinsi. Wasu kan yi amfani da "ku" don girmama babba, kuma a baki yana da kyau. A takardar tuhuma ina ba da shawarar a guje shi. "Ba ku zo aiki ba" tana iya sa direba ya ɗauka da shi da yaron motarsa ake nufi, alhali tuhumar ta mutum ɗaya ce, amsar ma daga mutum ɗaya ake jira.

Wa'adin na bar shi da lamba, awa 48, ban ce kwana biyu ba saboda dalilin da ya gabata. Ƙarin "daga lokacin da ka karɓi wannan takarda" kuwa sai da aka tambayi wanda ya sa hannu ya tabbatar haka yake nufi. Wannan ƙa'ida ce: in asali ya bar wani abu a buɗe, mai fassara ya koma wurin mai takarda, kada ya cike gurbin da zato.

Rufin shi ne "Ka huta lafiya". "Naka mai aminci" da "naka mai biyayya" sun shigo ta fassarar makaranta, kuma ta biyun ƙarya ce ƙarara a bakin wanda ke tuhuma. "Ka huta lafiya" sallamar rabuwa ce da babba ke yi wa yaro, yaro ke yi wa babba, ba ta alkawarta komai ba. Masu fassara a Jamhuriyar Nijar suna fuskantar abin ta wata fuska, domin wasiƙar ofis ta Faransanci a ƙarshe take tara ladabinta cikin doguwar jimla. A can aikin shi ne a rage wutsiyar, a mayar da kaɗan daga cikinta sama inda kunnen Bahaushe ke jiran ta.

Idan saƙon ya sauya

Gwargwadon nan yana motsi da nauyin labari. Takardar ƙarin girma ko tabbatar da ma'aikaci tana ɗaukar "bayan gaisuwa da fatan alheri", a rufe ta da taya murna da addu'ar Allah ya taya riƙo, ko da Ingilishin bai wuce kalma ɗaya ta murna ba. Takardar ta'aziyya daga ofis ita ce inda Hausa ke da cikakken 'yanci, domin ta'aziyyar da ba addu'a ba ta cika ba. Sanarwar da ake liƙawa a allo don kowa ba ta buƙatar gaisuwa, tunda shela ce, kanta ya isa.

Takardar sallama daga aiki ita ce mafi wuya. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya tsara mafi ƙarancin wa'adin sanarwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Ranar da wa'adin zai fara da ranar da aiki zai ƙare da haƙƙoƙin da za a biya dole su fito a Hausa kamar yadda suke, ba ragi ba ƙari. A nan "da fatan kana lafiya" kan zama ciwo, domin layi na gaba zai raba mutum da abincinsa. "Bayan gaisuwa" ta isa. In asali ya gode masa kan hidimarsa, a fassara godiyar da kyau. In bai gode ba, mai fassara ya ja hankalin mai sa hannu, amma kada ya ƙirƙiro godiya ko alkawarin za a neme shi nan gaba.

Yadda za a gane an dace

Sanannen gwajin fassara shi ne a ba wani ya mayar da ita harshen asali a kwatanta. Yana kama kuskuren adadi da kwanan wata, amma ba ya kama murya, domin fassarar nan ta farko mai kaushi za ta ci wannan gwaji ba tangarɗa. Gwajin da ya dace da takardar da za a ji da kunne shi ne a karanta ta da ƙarfi ga wani mai jin Hausa da bai ga Ingilishin ba, bayan an rufe suna, a tambaye shi: me ake so mutumin nan ya yi, zuwa yaushe, me zai faru in bai yi ba, kuma mai rubutun fushi yake yi? In ya kasa amsa ukun farko, gaisuwa ta cinye saƙo. In ya ce fushi ake yi alhali takardar asali ba ta nuna haka ba, an yi ƙwauron gaisuwa.

Wannan nazari a kan takarda guda ya tsaya, kuma Hausar Kano ce ma'auninsa. Abin da ya wadatar a Kano yana iya yin kaɗan a fadar wani hakimi, ko ya yi yawa a wani kamfani a Abuja. Akwai kuma ofisoshin da lauyoyinsu ke hana a ƙara ko kalma ɗaya a kan asali. A irin wannan hali mai fassara ya bayyana musu cewa "bayan gaisuwa" ita ce fassarar mabuɗin da suka rubuta da kansu, ya kuma nemi a rubuta a ƙasan takardar cewa kwafin Ingilishi ne abin dogaro in an samu saɓani, a haɗa kwafin biyu a ba ma'aikaci tare.

Kirana ga sassan nazarin harsunan Nijeriya da ke koyar da fassara shi ne su shigar da wasiƙar ofis cikin darasi, yadda ake koyar da fassarar labarai, a sa ɗalibai su juya takardar tuhuma da ta ƙarin girma da ta sallama su karanta wa juna da baki. Shugabannin ma'aikata kuma ina roƙon su zauna da mai fassara sau ɗaya su tsayar da mabuɗi da rufin kowane irin takarda, a ajiye a ofis, don kada makomar direba ko maigadi ta rataya a kan halin wanda aka tarar a kan tebur ran nan.